Iskar Tayar Auta

Ranar da aka manna takardar Manaja a allon sanarwa na garejin bas-bas na gari, Baba Na-Gaba bai ko sa tabarau ba. Ya tsaya daga nesa da kofin shayinsa, ya ce Gajere ya karanto masa, wai idonsa ba na karatun shirme ba ne.

Na-Gaba ake ce masa domin motarsa ce ke fara fita daga gareji kowace safiya, kuma shi ne shugaban direbobi. Ya daɗe a kan sitiyari har ya ɗauka shi da hanya tare aka haife su. Mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba, in dai shi ka tambaya.

Gajere, wanda shi ma direba ne kuma babban ɗan amshin shatan Baba, ya gyara murya ya kwaikwayi yadda Manaja ke magana ta hanci.

"Daga yau, kowace Litinin kafin mota ta motsa, direba zai auna iskar kowace taya da geji, tun taya tana da sanyi. Har ta ciki a tayoyin baya masu biyu-biyu. Zai duba zanen taya ko ya cinye, ya duba gefenta ko akwai yanka ko kumburi, ya cire dutsen da ya maƙale tsakanin tayoyi, ya duba notuna. Sannan ya sa hannu. Sauran ranaku ya zagaya motarsa ya duba da ido."

"To," in ji Baba. "Da can da ƙafa muke dubawa ai."

Aka yi dariya. Gajere ya ci gaba: "Kada direba ya rage wa taya iska tana da zafi, ko da geji ya nuna ta haura. Wanda tayarsa ta lalace saboda sakacinsa, za a karɓe motarsa. Wanda ke zaman gwaji kuwa, a bakin aikinsa."

A nan ne Baba ya ajiye kofi. Ya dubi tagar ofis, inda ake hango ƙeyar Manaja da fanka tana kaɗa masa takardu, ya ja tsaki mai tsawo.

"Kun ji ko? Kada a rage iska da zafi. Yaron da bai taɓa ƙona tafin hannunsa a jikin taya ba. Ku gaya mini, tulun da ya cika ya batse, ka ɗora shi a wuta, me zai yi?"

"Fashewa," in ji direbobi.

"To shi ke nan. Wannan takarda, wanda ya bi ta sai ya kwashi fasinja a kwata."

Ya ɗauki sandar ƙarfensa ya nufi motarsa, ya bubbuga tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana karkata kai kamar mai zaɓen kankana. Wannan shi ne gejinsa. Da rana kuma, in ya isa tashar ƙarshe, sai ya dafa taya, in ya ji ta yi zafi ya cire murfin bawul ya danna da kan ƙusa, iska ta yi ta fita har sai zuciyarsa ta ce ya isa. Haka ya koya wurin maigidansa, haka maigidan ya koya wurin nasa, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalili. Sabo turken wawa.

Abin da ya hana wannan ɗabi'a kashe shi tuntuni abu ne da bai taɓa kawo shi a lissafi ba. Kowace safiya yakan faka a bakin rumfar Mai Faci ya daka masa tsawa, "Kai, shayar da ita!" Mai Faci ya ja tiyo ya cika tayoyin daidai awonsu, bai ce uffan ba, domin ya san wanda ya yi wa Baba gyara ya sayi zagin mako guda. Abin da tsohon ya zubar jiya da rana, an mayar masa yau da safe. Shi kuwa yana yawo yana cewa tayoyin zamani shan iska gare su, kuma shi taya ba ta taɓa fashe masa ba.

Duk direbobin sun yi wa takardar dariya, ban da mutum ɗaya. Auta, ɗan Baba na ƙarshe, yana can gefe ya ɗauki hotonta da waya.

Auta ya sha zaman banza kafin ya samu wannan aiki. Ya yi dako, ya yi gadi, ya yi zaman ɗaki yana kallon silin, matarsa na fita wanki gidajen mutane. Baba ne ya yi ta sintiri ofis, yana haɗiye girman kansa kamar maɗaci, har aka ɗauki yaron zaman gwaji. Yanzu saura kaɗan gwajin ya ƙare a tabbatar da shi, matar kuma ga ciki ya fito. Duk gidan sun san abin da wannan aiki yake nufi, Baba ya fi kowa sani. Yana son yaron nan so mai tsanani, irin son da ba ya tambayar ra'ayin wanda ake yi wa.

Litinin ta zo. Aka fito da geji guda biyu daga ofis, an ɗaure su da igiya kamar za su gudu. Abin da direbobi suka yi da su abin kunya ne. Wani ya auna tayar gaba ɗaya ya rubuta wa sauran lamba daga kansa. Wani ya leƙa takardar maƙwabcinsa ya kwafa. Gajere ya cike tasa a kan cinya yana cin burodi, bai ko je kusa da motar ba. Tayar ciki ta baya kuwa, wadda sai ka durƙusa ka zura hannu, babu wanda ya gaishe ta. Manaja ya zo wucewa da takalminsa mai ƙyalli, ya karɓi takardu ya ƙirga su, ya ga sun cika, ya koma ƙarƙashin fanka. Shi ma iyakar tasa ke nan. Ya rubuta doka mai kyau, ya ɗauka rubutun ne aikin.

Auta kaɗai ya shimfiɗa kwali ya durƙusa. Ya auna duka shida. Ta gaba ta dama ta ɗan gaza, ya kai wa Mai Faci ya cika ta. Ya zaro wani dutse daga tsakanin tayoyin baya, ya bi notuna da ido, ya sa hannu a hankali kamar mai sa hannu a takardar gado.

"Ɗan Manaja!" in ji Gajere. "Baba, anya ba a yi maka musanya a asibiti ba?"

Baba ya yi dariya tare da su, amma abin ya sosa masa rai. Ya ja Auta bayan mota.

"Kai, zo nan. Nawa ka ɗura wa tayoyin nan?"

"Abin da aka rubuta a jikin motar, Baba."

"A wannan zafin? Layinka ya fi na kowa tsawo, ga lodi, ga kwalta kamar kasko. In ka isa tashar ƙarshe ka rage musu."

Auta ya sunkuyar da kai. "Baba, an ce kada a rage. An ce in taya ta yi zafi dole awon ya hau, kuma da haka aka yi ta. Wai in iska ta yi kaɗan ne gefenta ke ta lanƙwasa, zafin ya ƙaru, har ta fashe."

"An ce. Wa ya ce?"

"Manaja ya yi mana bayani, mu sababbi."

"Manaja ne ya haife ka?"

"A'a, Baba. Ka yi haƙuri. Gwaji nake, in aka kama ni na saɓa..."

Baba ya juya ya tafi bai bari ya ƙarasa ba. Abin da babba ya hango, ya faɗa a ransa, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Yaron nan zai kashe kansa da biyayya. To shi ba zai zuba ido wani mai biro ya jefa masa ɗa a rami ba.

Layin Baba da na Auta suna haɗuwa a tashar ƙarshe da tsakar rana, inda direbobi ke barin motoci a rana su shiga rumfa cin abinci. Ran nan Baba ya bari sai da Auta ya shige, sannan ya zagaya ta bayan motar yaron. Ya dafa tayar gaba ta dama. Zafi. Ya girgiza kai, ya cire murfin bawul, ya danna ƙusa. Iska ta yi ta huci, shi kuma yana jin wani sanyi a ransa kamar mai cire wa jariri ƙaya. Ya zagaya ya yi wa ta hagu. Na baya ya bar su, gwiwarsa ba ta son durƙuso. Ya mayar da murafu ya goge hannu, ya shiga rumfa ya zauna kusa da ɗansa, har ya tura masa naman da ke cikin kwanonsa.

Washegari da safe Auta ya zagaya motarsa ya duba da ido kamar yadda takarda ta ce. Babbar taya ba ta nuna ƙishinta da wuri, ta tsaya ƙyam kamar lafiya lau. Bai je wurin Mai Faci ba, don me zai je, shi da ya auna jiya da hannunsa?

Da rana Baba ya sake dafawa, ya ji zafin ya fi na jiya. Maimakon wannan ya sa shi tunani, sai ya ƙara masa yaƙini.

"Ka gani ko," ya ce wa tayar. "Da ban zo ba fa?"

Ya rage fiye da jiya. Kashegari ta fi zafi, ya ƙara ragewa. Kullum yana zubar da iska, kullum taya na ƙara lanƙwasa a ƙarƙashin lodi tana ƙara dafuwa, kullum shi kuma yana ƙara yaba wa kansa. Auta ya ce masa sitiyari ya yi masa nauyi kwanan nan, ya sa makanike ya duba man sitiyarin ya ce lafiya. Baba ya ce hannunsa ne bai faɗa ba tukuna.

Ranar Alhamis da la'asar, motar Auta cike maƙil da masu tashi daga aiki, tana gangarowa daga kan gada, tayar gaba ta dama ta tashi da ƙara kamar an harba bindiga. Motar ta fizge zuwa dama. Yaron ya riƙe sitiyari da duk ƙarfinsa, bai taka birki da haushi ba, ya bar ta ta rage gudu, amma duk da haka sai da ta hau dakalin gefen titi ta tsaya a jikin turken fitila. Ba a rasa rai ba. Wata mata da ke tsaye ta karye a hannu, wani tsoho ya fasa goshi.

Labari ya riga motar isa gareji. Kafin a jawo ta, direbobi sun gama shari'a sun yanke hukunci.

"Me Baba ya ce?" Gajere ke faɗa yana zagaya mutane. "Me ya ce ranar da aka manna takardar nan? Duk garejin nan mutum ɗaya ne ya bi ta, kuma shi ne ya fasa taya. Mu da muka rubuta ƙarya ga mu lafiya."

Suka yi ta zuwa suna dafa kafaɗar Baba, ana yi masa jaje ana yi masa kirari a lokaci guda. Shi kuwa da aka jawo ta ya tsaya yana kallon yadda gaban motar ya lotse daidai inda ɗansa ke zama. A ransa yana cewa bai rage da yawa ba ne, da ya sani ya ƙara.

Da safe aka kira Auta rumfar Mai Faci, aka kira Baba a matsayinsa na shugaban direbobi. An ciro fasasshiyar tayar daga kan ƙarfenta, wato rim, an kwantar. Manaja ya naɗe hannun riga, yau dai ya yarda ya taɓa baƙin abu.

"Baba, ga kujera."

"Na gode, tsayuwa ta ishe ni. Takardarka ta kusa kashe mini ɗa."

Manaja ya sunkuya. Ya nuna gefen tayar, inda ta tsage ta zagaye, wayoyin ciki sun tsinke sun yi cirko-cirko. Ya zura hannu ciki ya ɗebo wani baƙin gari ya buɗe tafinsa.

"Wannan robar cikinta ce ta daku. Ku dubi yadda cikin ya yi tamoji ya sauya launi. Tayar da iska ta yi wa yawa ba ta yin haka. Wannan ta yi tafiya ne babu isasshiyar iska, gefenta na lanƙwasa har wayoyin suka gaji."

"Zancen littafi," in ji Baba.

"To mu bar littafi." Ya miƙa wa Mai Faci geji. "Auna ta hagun, ita ba ta fashe ba, kuma ta kwana ta huce."

Mai Faci ya auna, ya nuna wa kowa. Ta yi ƙasa da awonta nesa ba kusa ba.

"Ka duba ta da ruwan sabulu?"

"Na duba, ranka ya daɗe. Ba ƙusa, bawul ba ya yoyo, bakin rim lafiya."

"Na baya fa?"

"Huɗun duk daidai suke."

Manaja ya juya ga Auta. "Taya ba ta huda ba, ba ta yoyo, ta rasa wannan iska tsakanin Litinin da Alhamis. Abu biyu ne. Ko dai ba ka auna na gaba ba ka rubuta lamba daga kanka, ko kuwa ka riƙa rage musu a hanya. Wanne ne?"

"Wallahi na auna, ranka ya daɗe. Mai Faci shaida ne, shi ya cika mini ta dama."

"Haka ne," in ji Mai Faci, idonsa a ƙasa.

"To ka rage ke nan."

"Ban taɓa ba. Ko murfin bawul ban cire ba tun Litinin."

Baba yana tsaye, baƙin garin nan na tafin Manaja ya tsaya masa a ido. Ya tuna tayar da ya yi ta dafawa. Jiya ta fi shekaranjiya zafi, shekaranjiya ta fi ranar da ya fara. Na baya da bai taɓa ba suna nan lafiya. Ya dubi tiyon da ke naɗe a ƙasa, wanda ake shayar da motarsa da shi kowace safiya, ya ɗago ya haɗa ido da Mai Faci, Mai Faci ya kawar da kai. Ba wawa ba ne Baba, taurin kai ne da shi, kuma a wannan tsayuwar ya gane komai sarai.

"Ina tambayarka saboda Allah," Manaja ya ce wa Auta, muryarsa ta sauko. "Na ga yadda ka riƙe motar nan, ba kowa zai iya ba. Ba na son in rasa ka. Akwai wanda ke taɓa motarka? A tasha, ko a nan? In akwai, ka faɗa, laifin ya tashi daga kanka."

Auta ya yi tunani, tsakaninsa da Allah yake tunanin. "Babu, ranka ya daɗe. Wa zai taɓa? A tashar ƙarshe ma kusa da ta Baba nake fakawa."

"Baba, kai fa? Ka taɓa ganin wani a jikinta?"

A waje direbobi sun yi cincirindo suna leƙe, Gajere a gaba, suna jiran shugabansu ya wanke Manaja tas. Kalma uku kawai ake bukata, ni na rage. Baba ya auna su a ransa. Ya ga an karɓe makullin motar da ke fara fita, ya ga kansa a gida a kan tabarma, ya ga Gajere yana kwaikwayon muryarsa a wurin mai shayi yadda yake kwaikwayon ta Manaja. Ya ga matar da ta karye, da 'yan'uwanta. Ya dubi ɗansa, wanda ke kallonsa da idon mai jiran ceto. Mutumin da ya cika gareji da baki shekara da shekaru, yau aka nemi bakin ya yi aiki sau ɗaya.

"Ban ga kowa ba," in ji shi.

Manaja ya karkaɗe hannunsa, ya juya ga Auta. "To ba ni da yadda zan yi. An ji wa mutane ciwo, kuma sa hannunka ne a kan motar. Ka miƙa makulli da rigar aiki a ofis."

Da suka fito direbobi suka yi caa. Zalunci ne, in ji su, an ɗora wa yaro laifin takarda. Gejin ofis ne na ƙarya. Manaja ne ya sa Mai Faci ya sace iskar ta hagun don ya kare kansa. Gajere ya rantse a kan haka kamar yana wurin. Suka raka Baba har motarsa suna cewa gaskiyarsa ta fito, shi kuma yana gyaɗa kai yana karɓa. Ya fita layinsa a makare. Da rana a tashar ƙarshe bai je kusa da tayar kowa ba, har tasa.

Da yamma ya tarar da gidan shiru. Surukarsa na tsugune a bakin famfo ta tasa wankin mutane a gaba, ta gaishe shi da kumburarrun idanu. Uwar Auta ta kawo masa ruwa ta koma ɗaki. Ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida yana kwance igiyar takalmi, ya daɗe a kan ƙafa ɗaya.

Auta ya fito daga ɗakinsa. Ya zo gaban uban ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa, yadda bai yi ba tun yana ƙarami.

"Baba, wurinka na zo."

Baba ya saki igiyar takalmin. Ya ɗauka yaron ya gano.

"Na yi ta tunani tun safe," in ji Auta. "Ni na san ban rage ba, kuma na san na auna. To maganar su Gajere ce gaskiya, iska ce ta yi mata yawa, 'yan ofis suka rufe maganar. Ka gaya mini tun ranar Litinin. Ka ja ni gefe ka gaya mini, na tsaya ina yi maka musu da maganar wani. Kai ka sha wahala ka samo mini aikin nan, ni na zubar da shi da rashin jin maganarka. Ka yafe mini, Baba."

Surukar ta daina wanki. Uwar Auta ta ɗaga labule tana kallo. Hawaye na zuba a fuskar yaron yana jira.

Baba Na-Gaba ya miƙa hannu ya dafa kan ɗansa.

"Tashi," ya ce. "Na yafe maka. Gobe ka riƙa jin maganar manya."